Saƙon waya zuwa ga maigida: ina ladabi ya tsaya, ina surutu ya fara?

Tambaya: Ni ne mai karɓar kaya da lissafinsu a wurin maigidana. Kwanaki na tura masa saƙo na ce, "Kaya sun zo, ba su cika ba." Da muka haɗu ya nuna min ɓacin rai, wai na yi masa magana kamar sa'ana. Daga nan na koma doguwar gaisuwa da addu'o'i, sai ya zama ba ya ma karantawa har ƙarshe. Don Allah yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗi da ka kawo wannan, domin na ga yara masu amana da ƙwazo sun rasa yardar iyayen gidansu saboda layi biyu a waya. Abin da nake so ka riƙe shi ne, girman maigida ba shi kaɗai ke auna irin lafazin da za ka yi ba. Nauyin maganar ma yana aunawa. Maigidan nan ɗaya ne, amma saƙon "na iso" da saƙon "an samu gibi a kaya" ba su cancanci riga iri ɗaya ba.

Mu ɗauki naka. Laifin saƙonka na farko ba gajarta ba ce kawai. Ka kai masa labari mara daɗi ba sallama, ba ka kira shi da sunan girma ba, kuma ka bar shi da tambayoyi: nawa ne suka ɓace, wa ya gani, me ka yi a kai? Mutumin da aka taɓa dukiyarsa, aka kuma yi masa magana a tsaye, dole ya ji kamar ba ka damu ba. A baki, murya da sunkuyar da kai suna ɗauke rabin ladabi. A rubuce babu su, sai kalmomin su ɗauki nauyin duka.

Ga yadda zan so ka rubuta shi. A ce takardar kaya ta nuna katan 40, kai kuma ka ƙirga 34:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe, barka da aiki. Kayan sun iso ƙarfe 11. Takarda ta ce katan 40, na ƙirga sau biyu na samu 34. Na sa direba ya sa hannu a kan gibin katan 6. In karɓa a haka, ko in jira umarninku?"

Duba da kyau inda ladabin yake. Yana cikin layin farko, yana kuma cikin "umarninku" na ƙarshe. Tsakiyar kuwa aiki ne zalla: lokaci, adadi, abin da ka riga ka yi. Ba ka zuba "don Allah" da "a yi haƙuri" a tsakanin alƙaluman ba, domin su ne ke sa ido ya tsallake lambar da ake so ya gani. Sannan ka rufe da tambayar da zai iya amsawa da kalma ɗaya ko yana tsakiyar ciniki: "Karɓa" ko "Jira." Rage wa babba wahalar amsa shi ma girmamawa ne, kuma a ganina ya fi addu'a mai layi biyar amfani a wannan wuri.

Wannan "ku" ɗin, kada ka raina shi. Tsakanin "in jira umarninka" da "in jira umarninku" harafi ɗaya ne, amma na biyun ya ɗaga saƙon mataki guda ba tare da ya ƙara masa tsawo ba. Haka sunan da kake kiransa da shi. Wanda kake faɗa a gabansa, ko Yallaɓai ne, ko Alhaji, ko Hajiya idan uwargida ce, shi za ka rubuta. Kada ka ƙirƙiro sabon take a waya wanda bakinka bai saba da shi ba, zai ji kamar akwai abin da kake nema.

To yaya ake sassautawa? Ka buɗe hirarku ka karanta saƙonninsa goma na baya. Idan shi kansa yana farawa da sallama yana cika jimla, to haka yake so a yi masa. Idan "To" da "Yauwa" ne kawai amsarsa, mutum ne mai son a taƙaita, sai ka rage gaisuwa zuwa kalma biyu ko uku. Amma fa kada ka sauka daidai da shi. Shi yana da damar ya ce "To" ya yi shiru, kai ba ka da ita. Kullum ka tsaya mataki ɗaya sama da lafazinsa. Ya ce "Karɓa," kai ka ce "To Yallaɓai, an karɓa."

Cikakkiyar gaisuwa ta saƙon farko na yini ce. Da zarar magana ta fara tafiya, yana turowa kana mayarwa, maimaita sallama a kowane saƙo nauyi ne. Idan an yi sa'o'i ba a yi magana ba, ko ka ɗauko wani batu daban, ɗan "barka da yamma" ya wadatar.

Akwai wurare uku da nake cewa a koma sama ko da kun saba sosai: in za ka nemi wani abu don kanka, kamar hutu ko bashin albashi, in kuskuren naka ne, da kuma in maganar kuɗi ce. Na ukun ya fi damuna. Saƙon kuɗi shaida ne. Wata uku nan gaba idan lissafi ya rikice, shi za a buɗe a karanta, wataƙila a gaban wani. Saboda haka ka rubuta adadi da lamba, ka sa kwanan wata, ka bar yanke kalmomi da 'yan fuskokin dariya. Haka kuma idan a zauren ma'aikata na WhatsApp ne, inda wasu ke gani, ƙara ladabi fiye da na hirarku ku biyu, domin wasan da zai ɗauka a keɓe ba zai ɗauke shi a gaban yaransa ba.

Game da tsawo, idan SMS ne, saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, ya rarrabu gida biyu ko uku. Wannan ma dalili ne na taƙaitawa. A WhatsApp kuwa kana da minti 15 ka gyara abin da ka tura, sai dai in ya riga ya karanta, gyaran bai goge abin da ya gani ba. Gara ka karanta saƙon a fili kafin ka danna, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗin sa haka in yana zaune a gabanka.

Idan kuma gibin babba ne, ko da hannunka a cikin kuskuren, kada ka bar wa rubutu shi kaɗai. Tura masa: "Ranka ya daɗe, akwai matsala a kayan yau, in kira yanzu?" Ku yi magana da baki, bayan kun gama ka bi shi da saƙon alƙaluman da abin da ya umarta, don ya zauna a rubuce.