Gaida wanda ya tashi daga ciwo ko ya dawo daga tafiya a Alƙahira

"Yaya, na samu gurbin karatu a Azhar, bayan Babbar Sallah zan taho. Larabcina na littafi ne. Idan malamina ko mai gidan da zan yi haya ya tashi daga rashin lafiya, ko ya dawo daga tafiya, yaya zan gaishe shi ba tare da na yi abin kunya ba?"

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa ka shigo a sa'a. A gida muna raba gaisuwar gida biyu: matafiyi a ce masa sannu da zuwa, ya hanya, ya ka baro su; wanda ya tashi daga ciwo a ce ya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Misirawa jimla ɗaya suke yi wa duka biyun: "hamdilla alas salama". Amsarta "Allah yisallimak", idan mace ake amsa wa kuma "Allah yisallimik". Tun a filin jirgi za a fara yi maka ita, direban tasi ma zai faɗa, don haka ka haddace amsar kafin ka baro gida.

Abin kiyayewa shi ne lokacinta. Wanda yake kwance har yanzu ana ce masa "salamtak" ko "alf salama alek". Sai ya miƙe, ko an sallamo shi daga asibiti, ko an fito da shi daga tiyata lafiya, sannan a ce "hamdilla alas salama". Kuma a haɗuwar farko ake faɗinta. Mu mukan yi mako guda muna tambayar mutum ya jiki, safe da yamma, kuma hakan kulawa ce. Bamisire idan ka dinga maimaita masa tambayar jiki kullum zai zaci ka ga wata alama a fuskarsa ne. Ka yi gaisuwar sau ɗaya da kyau, gobe ka koma gaisuwar yau da kullum.

Akwai wata addu'a tamu da nake so ka yi hattara da ita. Mun saba cewa Allah ya sa kaffara ne, kuma addu'a ce mai kyau. Amma a bakin mutanen Alƙahira, "kaffara" ita kaɗai yawanci wanda ya fito daga kurkuku ake yi wa ita. Dattijo mai ilimi zai gane nufinka, sai dai 'ya'yansa na iya kallon juna. Idan wannan ma'anar kake so, ga lafazin da ya zo a Buhari, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake faɗa wa majinyaci: "la ba'asa, ɗahurun in sha Allah". Wannan babu inda za a yi masa wata fassara.

Mu ɗauka kana haya a Hayyul Ashir cikin Madinat Nasr, inda 'yan'uwanmu suke da yawa, sai mai gadin benen ya gaya maka an dawo da mai gida daga asibiti bayan tiyata. Kada ka hau sama da sassafe kamar yadda muke sammakon dubiya a gida. Mutanen nan ba sa kwanciya da wuri, baƙo kuma bayan Magariba ko Isha yake zuwa. Ka bari ya kwana ɗaya ko biyu, ka kira ɗansa ka tambaya ko za ka iya leƙowa. Kada ka je hannu rabbana: kilo 2 na lemo ko ayaba, ko kwalayen ruwan 'ya'yan itace, sun wadatar. Idan ka ji yana da ciwon sukari, ka bar kayan zaƙi. Kuɗi kuwa, irin wanda muke ajiye wa majinyaci a gefen shimfiɗa mu ce a sayi lemo, kada ka miƙa wa dattijon da ya fi ka hali. Zai ji nauyi, wataƙila ma ya ji ka raina shi.

Da ka shiga ka yi sallama, ka miƙa hannu kana tsaye, ka ce "hamdilla alas salama ya hag". Durƙuson da muke yi wa manya ba su san shi ba, wasu har su kama kafaɗarka su ɗaga ka. Idan ya jawo ka ya haɗa kumatu da kai dama da hagu, gaisuwar maza ce a nan, ka sake jiki, amma ka kula da wurin ɗinki. Uwargida kuwa sallama daga inda kake ta isa. Za a kawo shayi, ka sha, don ƙin sha ya fi komai ɓata ziyara. Kada ka tambayi sunan ciwon. Sau da yawa shi da kansa zai ba ka labarin aikin dalla-dalla, saɓanin mu da muke rufe komai da "da sauƙi", naka sauraro da hamdala. Idan kuwa ya yi shiru, ka yi shiru. Ciwon daji ma da yawansu ba sa kiran sunansa, sai su ce mugun ciwo. Bayan minti 20 ka nemi izinin tafiya. Za su ce "lissa badri", wato ai da sauran lokaci. Karamci ne, ka yi godiya ka tashi, mai jinya na son hutu.

Matafiyi ya fi sauƙi. Bayan jimlar nan sai ka ƙara "nawwart", ka haskaka wurin ke nan, ya amsa da "da nurak". Wanda ya dawo daga Hajji a ce "hag mabrur", na Umara "umra maƙbula", zai ce maka "u'ubalak", yana roƙa maka irinta. Malaminka na Azhar kuwa, Larabcinka na littafi ya isa, zai ma ji daɗinsa.

Inda na fi damuwa shi ne tsakaninmu mu Hausawa. A gida idan mutum ya ce da sauƙi, akwai uwa ko mata da ta san gaskiyar lamarin, tana dama masa kunu. A Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, ko ɗakin haya babu wannan. Ɗalibi zai taso daga zazzaɓi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, alhali bai sa komai a cikinsa ba tun jiya, kuɗin sauran magani kuma sun ƙare. Kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Saboda haka bayan gaisuwa ka yi tambayoyin da "da sauƙi" ba za ta amsa su ba: me ka ci yau, maganin saura na kwana nawa, yaushe likita ya ce ka koma, wa zai raka ka? Ka dubi leɓensa ko ya bushe, ka ga ko yana iya miƙewa ba tare da dafa bango ba. Ka taho masa da faten dankali ko kunu a kula, ka ɗaukar masa hoton darussan da ya rasa. Wanda ya dawo daga gida ya kama zazzaɓi cikin makonnin farko, ka matsa masa ya gaya wa likita daga inda ya taso, a gwada zazzaɓin cizon sauro, domin ba shi ne abin da likita a nan zai fara zato ba.

Shi mai dawowa daga gida, jakarsa cike take da saƙon mutane: kuka, daddawa, yaji, kilishi. Na ga yadda ake cika masa ɗaki tun bai cire takalmi ba, kowa na tambayar ƙullinsa, kuma ba na son wannan ɗabi'a. Ka yi masa sannu da hanya, ka tambayi iyayensa da mutanen gida, ka kawo masa ruwa da abinci, ka bar shi ya yi barci. Idan rasuwa ce ta kai shi gida, ta'aziyya ce farko kafin barka da dawowa. Saƙonka ka je karɓa washegari, in ma bai riga ya aiko maka da shi ba.