Harafi ɗaya tsakanin Nigerien da Nigerian

"Malam, ni ɗan unguwar Birni ne, ban jima da sauka Ingila wurin aiki ba. Ina cike takardar neman biza don iyalina su biyo ni, sai na ci karo da Nationality, Dependant, Sponsor da Residence permit. Mene ne ma'anarsu?"

Sannu da hanya, ɗan'uwa. Nationality ita ce nasiyonalite ɗin da ka karɓi takardarta a nan Damagaram, wato ƙasar da ta ba ka fasfo. Kada ka rubuta Hausa a wurin, ba ƙabila suke tambaya ba. Ba garin haihuwa ba ne kuma, wannan gurbinsa daban. Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne harafi ɗaya: ɗan Nijar Nigerien ne, ɗan Najeriya Nigerian. A jerin ƙasashen da ke fitowa a allo, Niger da Nigeria maƙwabta ne kamar yadda suke a ƙasa, yatsa kan zame. Buɗe fasfon matarka, dubi layuka 2 na ƙasan shafin hoto, za ka ga NER. Na Najeriya NGA ne. In abin da ka zaɓa ya saɓa da wannan, gyara kafin ka aika.

Dependant kuwa, mu da mun ji sai mu ce duk wanda ke ci daga tukunyarka: tsohuwa, ƙane, ɗan riƙo, har almajirin gida. Su a wurinsu kalmar ta fi haka ƙunci. A bizar aiki ta Ingila, abokin aure ne da ƴaƴan da ba su kai shekara 18 ba lokacin nema. Mu ɗauka kana da mata, da ɗiya mai shekara 6, da mahaifiya, da ƙane mai shekara 20. Biyun farko ne kaɗai ke shiga, kowace da takardar nemanta, haɗe da shaidar aure da ta haihuwa da aka fassara zuwa Turanci. Mai mata biyu ya sani cewa ɗaya suke karɓa. Sannan ba kowace bizar aiki ce ke ba da damar ɗauko iyali ba, sai ka duba sharuɗɗan taka tukuna.

Sponsor wasu kan ce mai ɗaukar nauyi, amma ni na fi son mai tsaya maka, irin mai masaukin da ke tsaya wa fatake a kasuwa. Ba lalle ya ba ka ko dala ba. A wurinka kamfanin da ya ɗauke ka aiki ne, kuma in ka bar shi, izininka na iya gajarta.

Residence permit izinin zama ne, mai wa'adi. Ba ya mayar da kai ɗan ƙasa, ai baƙo raɓa ne. Yanzu a Ingila ba kati suke bayarwa ba, a intanet yake da sunan eVisa. Ranar da naka zai ƙare, a nan na iyalinka ma ke tsayawa.