Amsar Kawu a kan gajiyar da hutu bai raba ka da ita ba

"Kawu, na ɗauki hutun sati uku, na koma ofis, amma ko sati ban cika ba na ji kamar ban taɓa hutawa ba. Shekarata shida ke nan a maketin na banki. In nemi ƙarin hutu ne, ko ragwanci ne kawai ya kama ni?"

Salamu alaikum. To ɗana, na saurare ka, kuma ka bar maganar ragwancin nan. Rago ba ya shekara shida yana bin taget. Kuma ni dai a yadda na ji muryarka, ba hutu kake tambaya ba, so kake wani ya ce maka babu laifi in ka fara tunanin barin layin nan. To babu laifi. Amma tsaya tukuna, kada gobe in ji ka miƙa takardar ajiye aiki ka ce Kawu ne ya sa ka.

Ka ga, gajiya iri biyu ce. Akwai ta yawan aiki, wadda in ka sami barci, ka kashe waya, ka je gida ka ga su Hajiya, sai ka dawo da ƙarfinka har ka ɗan yi kewar kwastomominka. Wannan hutu ne maganinta. Ɗayar kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi bayaninta a 2019, ta ce ba cuta ba ce, hali ne da matsin wurin aiki ke jawowa in ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamu uku ta lissafa: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har ka fara jin haushinsa, sannan ka ga ba ka iya abin da a da kake yi cikin sauƙi. Ta tsakiyar nan nake so ka duba. Hutu yana dawo da ƙarfi, amma in zuciya ta fita, ko wata uku aka ba ka, ranar Lahadi da yamma za ka ji ƙirjinka ya yi nauyi. Kamar takalmin da ya matse ka ne, in ka cire da dare za ka ji daɗi, da safe kuma shi za ka mayar.

Af, kafin in manta, wannan ya kamata in fara da shi. Je ka ga likita. A auna jininka, a duba suga da hawan jini. Kuma in abin yana bin ka ko'ina, ƙwallo ba ta yi maka daɗi, hira da iyali ba ta yi, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, to wannan ya wuce maganar ofis, yana iya zama ciwon damuwa, kuma canza aiki ba ya warkar da shi. Amma in a wajen biki ko a majalisa kana nan garau, sai an ambaci ofis ka yamutse, to aikin ne.

Sai tambaya ta gaba: wurin ne, ko sana'ar ce? Don mutane suna haɗa su. Ka tambayi kanka, da za a cire manajanka a kawo mai mutunci, a rage taget ɗin da rabi, za ka so aikin? In ka ce e, to wurin ne, ka nemi canjin reshe ko wani banki. Sannan ka kalli kujerar ogan ogan naka, wanda za ka zama nan da shekara goma in komai ya tafi daidai. Kana sha'awarta? Ba motarsa nake nufi ba, yininsa nake nufi, daga safe har dare. In ka ji gabanka ya faɗi, to hanyar ce ba taka ba.

Akwai wani yaro da ya yi aiki a ƙarƙashina, irin halinka sak. Ya zo yana neman hutu karo na biyu a shekara ɗaya. Na ce masa ya sami ɗan littafi, kullum in ya tashi ya rubuta abin da ya yi a yinin, da wanda ya tsotse shi, da wanda bai ji wucewar lokaci ba yana yin sa. Sati biyu kawai. Da ya kawo, abin a fili yake. Duk ranar da ya zauna da fayil ɗin mai neman bashi, yana bin shige da ficen kuɗin akawun, yana gano inda lissafi bai haɗu ba, sai ya kai Isha'i a ofis bai sani ba. Wato ba awoyin ne ke kashe shi ba. Abin da ke kashe shi shi ne ƙarshen wata, zaman ƙofar Alhaji wane, ana lallashi ya ajiye kuɗi ranar talatin ya kwashe ranar biyu ga wata, don dai takarda ta yi kyau a mitin. Ya ce mini, Oga, kullum ji nake kamar ƙarya nake sayarwa.

Na ce masa ya nemi sashen tantance bashi, amma bai ji maganata ba da farko, ya koma wani bankin, maketin ɗin dai, albashi ya ƙaru. Bai rufa shekara ba ya kira ni, muryar nan dai. Sai da ya koma sashen tantance bashi, ya fara zana jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta, sannan ya dawo mutum. Kuɗin alawus ya ragu kam, kuma yanzu ma yana gajiya, amma gajiyar da barci ke maganinta.

Kuma abin da har yau yake ba ni haushi, wani babba da muke da shi a lokacin, da na kai masa maganar yaron nan tun farko na ce a mayar da shi wancan sashen, ka san me ya ce? Wai yaran yanzu ba su da juriya, su a zamaninsu kaza da kaza. Mutumin da kwalbar maganin hawan jini ba ta barin teburinsa! Ya gwammace a rasa yaro mai kai da a sa hannu a takarda ɗaya. Kuma shi ne in an zo taron ƙarshen shekara zai tashi yana jawabi a kan kula da ma'aikata, har da tafi. Kai, bari dai, kada in ɓata wa 'yan gurup rai da safiyar nan.

Ina muka tsaya? Yawwa. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Fara neman canjin a cikin gida, don shekara shidan nan ba asara ba ce, wanda ya san kwastoma ya fi kowa gane fayil ɗin bogi. Ka yi magana da mutum biyu ko uku da ke sashen da kake hange, ka tambaye su abin da suka tsana a aikinsu, ba abin da suke so ba. In kuma fita gaba ɗaya za ka yi, tara abin da zai riƙe gidanka wata shida, na ce shida, ba uku ba, ka san yadda kasuwa take. Duba takardar ɗaukarka aiki ka ga notis na wata nawa ne, kuma in akwai bashin ma'aikata a kanka, ka tambayi abin da zai faru da shi ranar da ka tafi, don a nan mutane da yawa suke shan mamaki. Fanshonka yana nan a asusunka, yana bin ka duk inda ka koma. Doka ta yarda ka ciri kashi 25 cikin ɗari in ka yi wata huɗu ba aiki, amma kada ka sa wannan a lissafin jari.

Ka fara littafin nan ranar Litinin. In sati biyun ya cika ka kira ni kai tsaye, ba a gurup ba, mu duba tare. Ka gaida mai ɗakin naka, kuma ita ma ka gaya mata halin da ake ciki tun yanzu.