Ma'aikaciyar bankin da rigarta ta farko ta ƙi shiga

"Oga ni fa na fara karaya, aikin ofis na bari na zo koyon ɗinki, a gida kullum cewa ake na yi wauta, kuma duk rigar da na yanka sai ta matse alhali awon daidai na ɗauka. Anya hannuna na yi ne?"

Ƙanwata, kafin ke akwai wata da ta ajiye aikin banki ta zo wajena tana son zama mai zayyana kaya, mijinta bai hana ba amma bai yarda ba, ƙawayenta na wajen aiki kuwa har waya suke mata wai a mayar da ita kafin a cike gurbin. Yaran shago ma dariya suke a ɓoye don da ƙyar take taka keke.

Lissafi kam ta fi kowa, kuma shi ya fara kayar da ita. Ta auna ƙirjin mai riga inci 38, ta raba huɗu ya ba ta 9 da rabi, ta zana hakan cif a kan yadi ta sa almakashi. A banki in lamba ta yi daidai magana ta ƙare, amma jikin mutum numfashi yake, yana ɗaga hannu yana zama. Rigar ta ƙi rufuwa a zif, ta zauna tana cewa dama an faɗa mata.

Na ce ɗauko tef mu gani. Yadin da ba ya miƙewa sai kin ƙara masa sarari kamar inci 2 a ƙirji, 38 ya koma 40, rabon huɗu 10 kenan, sannan ki bar rabin inci a gefe na abin da ɗinki zai ci, abu biyu ne daban kuma ita ba ta bar ko ɗaya ba. In yadi mai roba ne sararin raguwa yake, shi ya sa nake cewa ku ja yadi da hannu kafin ku taɓa alli.

Sai na koya mata kallon riga a jiki, in kika ga tattara ta kwanta a kwance daga hammata zuwa hammata to matsi ne, in ta sauko a tsaye yadi ne ya yi yawa. Daga ranar ba ta sake yanka yadin mutane ba sai ta gwada a mai araha, kuma ta buɗe littafi tana rubuta awon kowa da gyaran da aka yi masa, wannan kam banki ne ya koya mata ba ni ba. Masu surutu ba su daina lokaci ɗaya ba, amma ita ta daina kuka a kan riga.

Gobe ki zo da rigar da ta matse da takardar awonki, mu farke gefen mu ga nawa kika bari.