Ciwon Sukari: Sunan da Ke Ruɗar da Marasa Lafiya

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon aikin lafiyar al'umma a nan Zariya. A wurin gwajin aiki an kawo mana wata uwa mai shekara 52 daga Tudun Wada, fitsarin dare ya dame ta, ga ƙishirwa da yunwa, kuma tana ramewa. Na auna sukarin jininta da rana, na ga 14.2 mmol/L. Da na ce ciwon sukari ne sai ta rantse ko a shayi ba ta sa sukari. Shin sunan ne bai dace ba? Kuma yaya zan yi mata bayanin insulin da Hausa?

Amsa: 'Yata, rantsuwar baiwar Allah nan gaskiya ce, ke ma ba ki yi kuskure ba. Abin da ya shiga tsakaninku harafi ɗaya ne, wato "n" ɗin da ke ƙarshen "ciwon". Wannan ɗan harafi yana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. A "ciwon kai" wurin da ciwon yake ya nuna. A "zazzaɓin cizon sauro" kuwa sanadi ya nuna. To mai jin "ciwon sukari" yakan ɗora shi a kan na biyun, ya ɗauka shan sukari ne ya jawo masa. Alhali sunan alama ce kawai ya faɗa: abin da aka tarar ya taru a jini har ya zubo cikin fitsari. Likitocin Indiya na dauri da tururuwa suke gane cutar, don sun lura tana taruwa a kan fitsarin mai ita. Kalmar "sukari" daga Larabci muka aro ta, "suga" kuma daga Ingilishi, duk biyun daidai ne. Sai dai a bakin Bahaushe ma'anarsu ɗaya, farin nan na teburin mai shayi.

Na cikin jini kuwa gulukos ne, kuma mafi yawansa daga tuwo yake zuwa. Shinkafa, masara, dawa, gero, doya, burodi, duk sitaci ne, hanji kuma yana narkar da sitaci ya zama gulukos ya miƙa wa jini. Uwar da ta karya da koko, ta ci shinkafa da rana, ta rufe da tuwon masara, ta sami sukarinta ko ba ta taɓa ƙwaya ɗaya ba. Wannan ba laifi ba ne, da shi jiki ke aiki. Abin mamaki, duk gulukos ɗin da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, giram 4 zuwa 5. Mai tsare wannan ma'auni shi ne insulin.

Sunan insulin ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin tsibiri, saboda ƙwayoyin da ke yin sa suna zaune rukuni-rukuni kamar tsibirai a cikin wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas. A nan ina da ƙorafi. Nakan ji masu fassara suna ce mata saifa, wannan kuwa kuskure ne. Saifa gaɓa ce daban, tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ita ce ke kumbura wa yara masu yawan zazzaɓin cizon sauro. Gara ki ari kalmar ki nuna wurin da hannu, da ki ba mutum sunan da zai kai shi wani wuri.

In ni ne, da sallama zan yi mata bayani. Jini hanya ce, gulukos kaya ne da aka ɗauko, naman jiki kuma gidaje ne masu zaure. Kaya ba sa shiga gida sai ɗan aike ya yi sallama an amsa, insulin shi ne ɗan aiken. Da zarar an ci abinci sukari ya hau, fankiriyas sai ta sako shi, tsoka da kitse su buɗe su karɓa. Yana da aiki na biyu da ɗalibai ke yawan mantawa: shi ke ce wa hanta, wadda ita ce rumbun jiki, ta adana rara, ta kuma daina fitar da na ajiya. Shi ya sa mai wannan ciwo kan tashi da safe da sukari a sama ko bai ci komai ba cikin dare, rumbu ne ya kwana a buɗe.

Ɓacin iri biyu ne. A nau'i na 1, garkuwar jiki ce ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin, babu ɗan aike ke nan. Ya fi kama yara da matasa, yana zuwa cikin makonni, kuma ba shi da magani sai allurar insulin, wadda aka fara yi wa ɗan'adam a Toronto a 1922. A nau'i na 2, wanda shi ne kusan tara cikin goma, ɗan aiken yana nan amma masu gida sun yi nauyin ji. Fankiriyas ta yi ta ƙara sallama shekara da shekaru har muryarta ta dishe. Gado, teɓa, yawan zama da shekaru su ke kawo wannan. Alamu sun nuna nan majinyaciyarki ta faɗa.

Karin maganar da ta dace da halinta ita ce "ga ƙoshi ga kwanan yunwa". Ana faɗinta ga wanda abin da yake nema ke gabansa amma ya gagare shi. Jininta cike yake da abinci, namanta na yunwa, shi ya sa take ci tana ramewa, don jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Ƙoda kuma tana iya riƙe sukari ne zuwa wajen 10 mmol/L. Da ya haura nan sai ya zube cikin fitsari, ya ja ruwa ya tafi da shi. Ga fitsarin dare, ga ƙishirwar da ke bin sa. Ki lura 14.2 ya wuce wannan iyaka, ya kuma wuce 11.1, adadin da in aka same shi a kowane lokaci tare da waɗannan alamu ya isa shaida. Awon safe kafin a ci komai kuwa, 7.0 ko sama shi ne ciwon. In na'urarku da mg/dL take nunawa, ki raba da 18. Ki tura ta asibiti, ko Gambo Sawaba ko Shika, a duba mata ido da ƙoda da tafin ƙafa, don su ne sukari ke ci a ɓoye.

Akwai ɓarna biyu da sunan nan ke yi, kuma sun fi damuna. Ta farko, wasu su bar sukari su koma zuma suna kwankwaɗa da sunan magani. Zuma abu ne mai daraja, amma tana ɗaga sukarin jini, dole a ƙidaya ta cikin abinci. Ta biyun tana iya kisa. Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari ta gilibenkilamaid, in ya sha magani bai ci abinci ba, musamman da azumi, sukarinsa kan faɗi ƙasa da 3.9. Sai ki ga gumi, rawar jiki, jiri da sambatu, 'yan gida kuma su hana shi zaƙi wai "ai ciwon sukari gare shi". A wannan hali sukari shi ne maganin. In yana iya haɗiya, a dama masa ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, wajen giram 15, a sake awo bayan minti 15, in bai hau ba a ƙara, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti. Wannan bayani ki yi shi a gaban wanda ke kwana ɗaki ɗaya da majinyaciyar, tun ranar da aka ba ta magani.