Katin mai ko kuɗi a hannun yara?

Tambaya: Ina da babura huɗu da ke kai wa mutane kaya daga shagona a Gwarinpa. Kullum safe nake ba yaran kuɗin mai, amma lissafin ba ya daidaita. An ce in koma katin mai. Zai toshe ɓarakar? (Wata Hajiya, Abuja)

Amsa: Hajiya, zai toshe rabi. Katin irin wanda TotalEnergies ke bayarwa, kuɗi kike zubawa a ciki tun da farko, ki ƙayyade abin da za a sha a rana, kuma kowane shan mai yana fito miki da lokaci da gidan man. Yaro ba zai ci tuwo da kuɗin ba ya ce layi ne ya hana shi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, lita ɗaya ma ba abin wasa ba ce.

Amma kati yana nuna kuɗin da ya fita ne kawai, ba ya leƙa tanki. Idan yaro ya haɗa baki da mai ba da mai, sai a cire na lita biyar, a zuba uku, su raba sauran. Rasit kuwa zai fito tsaf.

Abin da ke kama wannan shi ne mitar kilomita da ke gaban babur. Ki fara gyara ta idan ta mutu, domin yawanci a mace take. Ki cika tanki a gabanki, ki rubuta lambar mitar, bayan kwana uku a sake cikawa a gabanki. Mu ce babur ya yi kilomita 360 ya sha lita 9: kilomita 40 ke nan a lita. To duk ranar da ya yi 120, lita uku ce haƙƙinsa. Idan biyar ake cira, biyu na zurarewa kullum, lita 52 a kwanakin aiki 26, a babur ɗaya. Kada dai ki yi saurin zargi. Cunkoson Nyanya da Mararaba, da tayar da ba iska, da kabureta mai datti duk suna shan mai, sai dai da wuya su kusa ninka shi.

Wahalar katin ita ce yana ɗaure ki da gidajen man kamfani ɗaya. Ran da ba sabis, ko mai ya yanke musu, yaronki na Lugbe da kayan mutane zai tsaya cak, ga kuɗinki kwance a kati.

Ni da ni ce, zan karɓa, muddin akwai gidan mansu kusa da shago. Kati ɗaya ga kowane babur, da lambar babur a kai, iyaka lita huɗu a rana, a sha da safe kafin a watse. Sai ki bar wa kowa kuɗin lita biyu na ko-ta-kwana, wanda ya taɓa ya turo hoton famfo da na mita.