Na yi kuskuren lissafi a wasiƙar neman kuɗina, yaya zan gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Panteka. Na yi wa wata makaranta kujerun ɗalibai guda 240 a kan N18,000 kowace ɗaya, suka ba ni kafin alƙalami N1,500,000. Ranar 3 ga Maris na rubuta musu cewa ina bin su N2,820,000, na ba su kwana 14. Jiya ina duba asusuna na ga ashe sun turo N600,000 tun 20 ga Janairu, na manta. Har yanzu ba su amsa ba. Ina tsoron in na gyara su ce lissafina duk ba shi da tushe. In yi shiru ne, ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi shiru, kuma kada ka jira amsarsu. Ka rubuta gyaran a cikin makon nan. Na shekara goma sha biyar ina riƙe da littafin wani shagon kayan gini a Tudun Wada, ni ke rubuta wasiƙun bin bashi, kuma irin wannan kuskuren ya taɓa faɗa mini.

Bari in fara da abin da na yi ba daidai ba. Mun kai wa wani kamfani rodi da siminti, na rubuta wasiƙa, sai daga baya na gano na lissafa mota ɗaya sau biyu. Kunya ta kama ni. Na sake buga wasiƙar da adadin gaskiya, na bar kwanan watan farko, na ba yaro ya kai, a zatona za su jefar da tsohuwar. Ba su jefar ba. Akantansu ya ajiye mini takardu biyu a kan tebur, rana ɗaya, sa hannu ɗaya, adadi biyu, ya ce wanne ne bashin? Daga nan aka ce sai an yi tantancewa, kuɗin da ya kamata ya fito a sati biyu ya kai wata huɗu. Da a ce na fito fili na ce ga inda na kuskure, da abin bai wuce kwana biyu ba. Abin da ya ba su hanya shi ne ɓoyewar da na yi.

Wasiƙarka ta farko tana ɗauke da abubuwa biyu, kuma ya kamata ka raba su a ranka kafin ka ɗauki biro. Na ɗaya shi ne haƙƙin: an yi ciniki, ka kai kujeru 240, sun karɓa, ba su gama biya ba. Na biyu shi ne adadin da ya rage. Kuskurenka ya taɓa na biyun kaɗai. Haƙƙin naka ba daga wasiƙar ya samo asali ba, yana tsaye ne a kan takardar oda, da takardar karɓar kaya da suka sa wa hannu, da kujerun da yara ke zaune a kai yanzu haka. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Aikin wasiƙa ta biyu shi ne ta gyara adadin, ta kuma faɗa a fili cewa sauran na nan yadda yake.

Kafin ka rubuta komai, ka zauna ka sake lissafin daga tushe, domin ana jure gyara ɗaya, amma gyaran gyara shi ke kashe magana. Ka je banki ka karɓi sitatimen daga ranar da aka yi ciniki zuwa yau, kada ka dogara da alat na waya, saboda alat na ɓacewa. Ka bi kuɗin da suka shigo layi-layi, har da waɗanda wataƙila suka zo da sunan bursa ko mai makarantar maimakon sunan makarantar. Ka tambayi yaranka ko an taɓa ba wani kuɗi a hannu, na mota ko na ƙusa. Ka ƙirga takardun kai kaya ka ga ko sun cika 240 cif. Sannan in kana cikin masu karɓar harajin VAT, ka duba ko N18,000 ɗin ta haɗa da shi. Tun Fabrairun 2020 harajin ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, wanda a kan N4,320,000 ya kama N324,000. Wannan ba kuɗin da za a tuna da shi a wasiƙa ta uku ba ne.

In komai ya tsaya yadda ka faɗa, ga yadda zan rubuta ta da ni ne. In da Turanci kuke mu'amala, a juya ta, tsarin ɗaya ne. A sama ka sa kwanan watan ranar da ka rubuta, ka ba ta kai kamar haka: Gyaran adadi a wasiƙarmu ta 3 ga Maris game da cikon kuɗin kujeru 240. Sai jikin wasiƙar:

“A wasiƙarmu ta ranar 3 ga Maris mun rubuta cewa cikon kuɗin da ya rage N2,820,000 ne. Wannan adadin bai cire N600,000 da kuka biya ta banki ranar 20 ga Janairu ba. Lissafin daidai shi ne: kujeru 240 a kan N18,000, jimla N4,320,000, an biya N1,500,000 da N600,000, jimla N2,100,000, abin da ya rage N2,220,000. Wannan adadin ya maye gurbin wanda ke cikin wasiƙar farko. Ban da wannan gyaran, duk abin da ke cikin wasiƙar 3 ga Maris na nan daram. Muna neman a biya N2,220,000 zuwa ranar 17 ga Maris. Mun haɗa da kwafin takardun kai kaya da shafin banki da ke nuna biyan biyu.”

Ka lura da abin da babu a ciki. Babu dogon ban haƙuri, babu labarin cewa aiki ya yi yawa ko yaron shago ne ya ruɗe. Da zarar ka rubuta cewa littafinka a hargitse yake, ka miƙa musu sandar da za su doke ka da ita, domin za su ce to mene ne tabbacin wannan sabon adadin? In kana son ladabi, jimla ɗaya ta isa: muna ba da haƙuri kan wannan kuskuren. Haka kuma ka guji kalmomi irin su “kimanin”, “a iya saninmu”, “in ba mu yi kuskure ba”. Sannan kada ka ce ka janye wasiƙar farko ko a yi watsi da ita. Wannan kalmar na gani ta fi kowace cutar da mutane. In ka janye ta, ka janye ranar da ka fara neman kuɗinka da wa'adin da ka bayar, ka koma farko. Adadin kawai ake musanyawa.

Maganar wa'adi, ni ra'ayina shi ne tunda kuɗin raguwa ya yi, ba ka da dalilin ɗaga ranar 17. Wanda aka ba kwana 14 ya nemo N2,820,000 ba zai ce N2,220,000 ta zo masa ba shiri ba. Sai dai in gyaran zai isa gare su saura kwana biyu ko uku, to ka ƙara musu mako guda, ka rubuta sabuwar ranar ƙarara, don kada gobe a ce an matsa musu.

Akwai abin da nake so ka kiyaye sosai. Wasu masu buga takardu a bakin kotu ko shagunan kwamfuta suna ɗora wa kowace wasiƙa kalmomin WITHOUT PREJUDICE a sama, suna ganin kariya ce. A wannan wasiƙar ba ka buƙatarsu. Sashe na 196 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce maganar da ke cikin takardar da aka yi wa wannan alamar yayin neman sulhu a wajen kotu ba a gabatar da ita a matsayin shaida a shari'ar da ba ta laifi ba. Kai kuwa so kake, in abin ya kai gaban alƙali, a ga cewa da kanka ka gyara tun kafin su ɗaga maganar. Wannan alamar wurinta shi ne ranar da za ka yi musu tayin ragi don a rabu lafiya, kuma wannan wasiƙa ce daban. Kada ka cusa ragi a cikin wasiƙar gyara, in ba haka ba N600,000 da ka cire don gaskiya za ta yi kama da farkon ciniki, su fara taya ragowar.

Kuskurenka ma mai sauƙin ne, tunda sama ka yi. Wanda ya rubuta ƙasa da abin da yake bi ya fi shiga haɗari. A ce N1,620,000 ka rubuta, suka yi maza suka biya, ka sa hannu a bauca cewa an biya ka duka. Dokar nan a sashe na 27 ta ce abin da mutum ya amsa da kansa ba hujja ce yankakkiya ba, amma yana iya ɗaure shi ya hana shi komawa baya. Don haka duk wanda ke karanta wannan, in nasa kuskuren na ƙasa ne, ya aika gyara a ranar da ya gano, ya ba da sabon wa'adi, kada ya sa hannu a kan komai da ke cewa an kammala biya, kuma in an riga an biya ya ga lauya kafin ya sake rubuta wata kalma.

Saura kaiwa. Ka buga kwafi biyu, ka kai da kanka ofishin da ka kai ta farko, ga mutumin da ka rubuta wa ta farko. A buga hatimi a naka kwafin, a sa hannu, a rubuta kwanan wata da sunan wanda ya karɓa. In ka ba wani kwafin wasiƙar farko, kamar shugaban ƙungiyarku ko wanda ya haɗa ku cinikin, shi ma ka ba shi gyaran, kada tsohon adadi ya ci gaba da yawo a bakin mutane. Kana iya kiran bursa ka ce masa ga takarda nan tafe, wannan mutunci ne, amma kada wayar ta tsaya a madadin takardar. Hoton da za ka tura ta WhatsApp ma ƙari ne kawai.

In sun amsa suka ce su ma nasu lissafin ya bambanta, kada ka shiga musu a baki. Ka ce su rubuto adadin da suka yarda da shi, da ranakun da suka biya, su kuma biya wannan ɗin yanzu yayin da ake duba bambancin. A lokacin karɓa ka rubuta a rasit cewa wani ɓangare ne na bashin, ka sa abin da ya rage a ƙasa. Takardar da suka rubuta da hannunsu suna amsa ko da N2,000,000 ce, ka adana asalinta a gida, kwafi kawai za ka riƙa yawo da shi.